Bikin Uhola a Kan Kwamfuta Mai Giga 4

Shawarar da aka fi ba mai tsohuwar kwamfuta idan ya ce yana son haɗa bidiyo ita ce ya sayi sabuwa. Shawara ce mai sauƙin bayarwa, kuma ba ƙarya ba ce. Su kansu masu manhajar Shotcut, wadda kyauta ce kuma ita nake amfani da ita, sun rubuta cewa hoto mai girman HD yana son ram giga 8, mai girman 4K kuwa giga 16. Laftof ɗina giga 4 gare ta. Furosesarta Core i5 ce ta zamanin 2012, faifan ajiyarta irin mai juyawa ne, allonta kuma ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. Bisa wancan ma'auni ba ta da hurumin taɓa hoton wayoyin yau. Amma a kanta na haɗa fim na minti 20 na bikin Uhola a nan Zuru, daga hoton da wayoyi uku suka ɗauka, kuma ba ta yi mini in'ina ba sa'ad da nake yanka. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi nake son in warware, domin na lura yawancin masu fama da irin wannan na'ura ba su san ainihin abin da ke shaƙe ta ba.

Uhola bikin godiya ne na Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, ana yin sa bayan an kai amfanin gona gida. Akwai rawa, akwai kokawa, akwai taron jama'a mai yawa. 'Yan uwanmu da aikin soja ko na gwamnati ya kai Kaduna da Legas da Fatakwal su ne suka nemi a haɗa musu abin da za su nuna wa 'ya'yansu. Mafi daraja a cikin abin da muka ɗauka hira ce da wani dattijo, da harshen C'lela, inda ya yi bayanin golmo, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Irin wannan hira ba a cewa a dawo gobe a sake. In ba a haɗa ta ta fita ba, za ta zauna a cikin waya har ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Da na jefa fayil na farko a cikin manhajar, hoton ya riƙa tafiya kamar mai ɗingishi: ya tsaya, ya yi tsalle, sautin ganga ya wuce ya bar masu rawa a baya. A nan kowa yakan ce ram ce ta yi kaɗan. Wani lokaci haka ne, amma akwai hanyar tabbatarwa da ba ta cin ko kwabo. Ka danna `Ctrl+Shift+Esc` a buɗe `Task Manager`, ka kunna bidiyon, ka zuba wa layuka uku ido. Idan `CPU` ya manne a 100% alhali `Memory` na da sauran wuri, furosesa ce ta gaza warware hoton da sauri. Idan kuwa `Memory` ya cika har baki kuma `Disk` ya hau 100%, to ram ta ƙare, Windows ta koma aron wuri a faifan ajiya, faifai mai juyawa kuma ba ya kusa da saurin ram. A tawa na'urar duka biyun sun faru, amma furosesa ce ta fara durƙusawa, kuma dalilinta shi ne jigon maganar.

Waya ba ta ajiye bidiyo a matsayin jerin cikakkun hotuna. Da haka take yi, da minti kaɗan sun cika ta. Tana ajiye cikakken hoto guda, sannan a firam-firam da ke biye ta rubuta abin da ya canja kawai, sai bayan wani lokaci, sau da yawa daƙiƙa ɗaya ko fiye, ta sake ajiye wani cikakke. Kamar littafin bashin mai shago ne: ya rubuta jimla sau ɗaya a farkon wata, daga nan sai “an ƙara kaza”, “an rage kaza”. In ka tambaye shi nawa ake bin ka ranar 19 ga wata, dole ya koma kan jimlar farko ya biyo lissafin layi-layi. Mai kallon fim daga farko zuwa ƙarshe ba ya jin nauyin wannan, domin lissafin na tafiya tare da shi. Mai yanka kuwa aikinsa ke nan tsalle: ya koma baya firam uku, ya zabura gaba minti biyu, ya dawo. Kowane tsalle sai kwamfuta ta nemo cikakken hoton da ya gabata ta sake gina duk abin da ke tsakani.

Wayar da ta ɗauki kokawa da tsarin HEVC ta ajiye hotonta, a girman 4K. An kammala wannan tsari a 2013, shekara goma bayan H.264 da ya gabace shi, kuma ya fi shi iya matse hoto, wanda ke nufin ya fi shi wahalar warwarewa. Furosesoshin laftof na Intel sai a zubi na shida, a 2015, suka zo da cikakken sashe na musamman mai warware shi. Tawa ta girme shi, don haka da ƙarfin tuwo take yin lissafin. Ga kuma abin da aka ɗauka. Hirar dattijo a zaune jikin bango abu ne mai sauƙi, domin kusan leɓɓansa da hannuwansa kaɗai ke motsi. Filin kokawa kuwa ƙura ce ke tashi, jama'a na kaɗawa, mai riƙe da waya ma ana ture shi. Babu lungun hoton da bai canja ba daga firam zuwa firam.

Girman ma yana da nasa lissafin. Firam ɗaya na 4K ɗigo 3840 ne sau 2160, wato sama da miliyan 8. Idan an warware shi yakan ci kusan mega 12 a ram, kuma ana bukatar 30 a kowace daƙiƙa. Na 1080p kashi ɗaya ne cikin huɗu na wannan. Na 540p, wato 960 sau 540, kashi ɗaya ne cikin 16, bai kai mega ɗaya ba. Abin dariyar shi ne tagar da nake kallon hoton a cikinta, a kan allona, ba ta ma kai faɗin ɗigo 960 ba. Kwamfutar tana shan wahalar gina ɗigo miliyan 8 ne don ta zubar da mafi yawansu kafin su iso idona.

Furoksi shi ne maganin wannan ɓarnar ƙarfi, kuma dabarar ta girmi kwamfuta. A zamanin fim na faifan silima, edita ba ya sa almakashi a kan asalin abin da kyamara ta ɗauka. Kwafi ake buga masa, ya yanka ya liƙa ya sake yankawa har ya gamsu, sannan wani ya bi lambobin da ke gefen faifan ya yanka asalin daidai da shi. Haka furoksi yake: ƙaramin kwafi na kowane fayil, wanda kake aiki a kansa, manhaja na rubuta inda ka yanka, ranar fitarwa kuma ta koma kan asalin. Ƙanƙantarsa rabin amfaninsa ce kawai. Ɗaya rabin shi ne kowane firam a cikinsa cikakke ne, ba ya jingina da na gabansa, don haka duk inda ka yi tsalle kwamfuta hoto ɗaya za ta buɗe. Wannan ne ma ya sa furoksi ba ya ƙanƙancewa a faifai yadda mutum zai zata, kuma ya kamata a tanadar masa wuri.

Amma kafin furoksi akwai matakin da ya fi shi saurin jefa mutum a rami, wato saitin aikin kansa. Shotcut, in an bar `Video Mode` a kan `Automatic`, fayil na farko da ka sa shi ne zai zaɓar wa aikin duka girma da yawan firam. In ka fara da hoton 4K, aikinka ya zama na 4K, ko da sauran fayilolin ƙanana ne. Tambayar da na yi wa kaina ita ce a ina za a kalli fim ɗin. Amsar ita ce a waya, sai wataƙila talabijin na falo. Don haka tun kafin in sa ko fayil ɗaya na shiga `Settings > Video Mode` na zaɓi `HD 1080p 30 fps`. Na zaɓi 30 ne domin biyu daga cikin wayoyin uku da shi suka ɗauka, ta ukun kuma 60 ta yi, wanda ke rabuwa biyu cif ba tare da hoto ya yi tsalle ba. Wannan zaɓi ba a sake shi a tsakiyar aiki, domin da lambar firam manhajar ke riƙe wuraren yanka, canja shi kuma na iya gusar da su.

Daga nan saiti biyu ne suka rage. A `Settings > Preview Scaling` na zaɓi `540p`, wanda ke sa duk abin da manhajar za ta lissafa don nuna mini, har da rubutu da gyaran launi, ta yi shi a ƙaramin girma. Sannan na kunna `Settings > Proxy > Use Proxy`. Tsarin furoksi ya shigo Shotcut ne a fitowar watan Yuni na 2020, kuma girman furoksin yana bin girman da ka zaɓa a saitin farko, shi ya sa ake fara wancan. Mutane da yawa sukan kunna ɗaya su manta ɗaya. Furoksi ba tare da rage girman nuni ba yana nufin kwamfuta ta buɗe ƙaramin hoto ta sake kumbura shi zuwa 1080p don ta nuna maka. Na kuma sa ta ajiye furoksin a cikin foldar aikin, domin in na kwashe foldar zuwa wani faifai komai ya tafi tare.

Sai kuma haƙuri, domin furoksi ba ya kawar da aikin mai nauyi, lokacinsa kawai yake sauyawa. Dole kwamfuta ta warware kowane fayil na 4K daga farko zuwa ƙarshe, sau ɗaya, don ta buga ƙaraminsa, kuma a na'ura irin tawa hakan ya fi tsawon bidiyon kansa daɗewa. Bambancin shi ne ba na zaune ina jiran ta. A garin da wutar lantarki ke zuwa ba sallama ta tafi ba ban kwana, wannan ya zama tsarin aiki sosai. Yin furoksi yana son wuta mai ɗorewa, domin furosesa na aiki da dukkan ƙarfinta, tsohon batir kuma ba ya jure wannan. Yanka a kan furoksi kuwa aiki ne marar nauyi da batir ko ƙaramar sola za su iya ɗauka. Don haka duk lokacin da aka kawo wuta sai in jera fayiloli a tagar `Jobs` in tafi harkokina. Manhajar ɗaya bayan ɗaya take bin su, saboda haka in wuta ta ɗauke, wanda ake cikin yi kaɗai za a sake. Na kuma rage wa kaina aiki tun da fari: cikin hoton kusan awa uku da aka kawo mini, na kalle su da manhajar kallo ta yau da kullum, na ware waɗanda ba su da amfani, kamar inda waya ta kalli ƙasa ko bayan kan wani, ban shigar da su aikin ba sam.

Ƙurar rani ma tana da hannu a lamarin. Laftof da ta yi zafi da kanta take rage gudun furosesa don kada ta ƙone, alamar kuma ita ce aiki ya fara da sauri sannan bayan 'yan mintuna ya yi sanyi alhali fanka na kuka. Na kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe ƙurar da ta toshe mafitar iska, na daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, na ɗaga bayanta da ƙananan katako biyu. Burauza kuma a rufe take muddin ina aiki, domin Windows kaɗai takan cinye kusan rabin giga 4 ɗin nan kafin a buɗe komai.

Akwai cuta ɗaya da furoksi ba ya warkarwa, kuma ita ce ta fi barazana ga hirar dattijon. Wayoyi da yawa ba sa riƙe yawan firam daram. In haske ya ragu ko wayar ta yi zafi, sai ta rage firam ba tare da ta gaya wa kowa ba, sauti kuwa yana tafiya a kan gudunsa. A ɗan gajeren hoto ba a lura. A doguwar hira abin taruwa yake yi. Ɗauki misalin hoton minti 10 da matsakaicinsa ya zama firam 29.9 a daƙiƙa: firam 17,940 ke nan, kuma manhajar da ta ɗauke su a matsayin 30 cif za ta gama su a daƙiƙa 598, sauti kuma 600 ne. Daƙiƙa biyu tsakanin baki da murya sun isa su mai da dattijo mai magana da natsuwa kamar fim ɗin da aka yi wa fassarar gaggawa. Alamar wannan cuta ita ce farkon fayil daidai, ƙarshensa a karkace. Ana iya gano ta tun kafin a fara, da ƙaramar manhajar `ffprobe` wadda ke zuwa a cikin foldar Shotcut:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=codec_name,r_frame_rate,avg_frame_rate hira.mp4
```

Idan lambobin firam biyun da ta nuna sun zo ɗaya, to da sauƙi, ko da `30000/1001` ne, domin wannan 29.97 ne kuma tsayayye ne. Idan na biyun ya fito da wasu dogayen lambobi da suka saɓa wa na farkon, akwai alamar firam na yawo. Shotcut ma takan faɗakar da kanta ta miƙa tayin sauya fayil ɗin, mutane kuma sukan rufe saƙon don gaggawa. Gyaran yana cikin `Properties`, a maɓallin `Convert`, wanda ke buga sabon fayil mai tsayayyen firam. Matakai uku yake bayarwa, kuma na farkon, mafi ƙanƙanta, ya ishi fim ɗin da waya za ta nuna. Na ƙarshen zai cinye faifai a banza. Jerin yana da muhimmanci: a fara daidaita firam, wannan sabon fayil ya zama asali, sannan a yi masa furoksi. Na yi wa hirar haka kafin in yanka ko daƙiƙa ɗaya a cikinta.

Bayan wannan, yankan kansa ba shi da wani labari, kuma abin da ake nema ke nan. Layin hoto biyu na yi amfani da su, ɗaya na hirar, ɗaya na rawa da kokawar da ke hawa kanta, sai layin sauti guda. Kowane layin hoto da aka ɗora a kan wani ƙarin fayil ne da za a buɗe a lokaci guda. Yanka tsaye na fi yi, narkar da hoto cikin hoto sai a wurare ƙalilan. Gyaran launi da fassarar Hausa da ke ƙasan hoton na bar su sai ƙarshe, bayan jerin ya zauna. A ganina wannan takura ta amfani fim ɗin: bikin da ganga ke jagoranta ba ya bukatar hoto mai juyawa da walƙiya.

Sai dai furoksi yana ɓoye aibi, kuma wannan ne haɗarinsa na gaske. A 540p hoton da ya fita tsaf da wanda ya ɗan dushe kusan kamanninsu ɗaya. Akwai wani kaye mai kyau a kokawar, wanda wayoyi biyu suka kama daga kusurwa daban-daban. A furoksi na kusa ya fi armashi. Da na buɗe asalinsa sai ga shi wayar ta mai da hankalinta kan hular wani ɗan kallo, 'yan kokawar kuma sun dushe. Shi ya sa duk hoton da zan dogara da shi, musamman fuska, nakan buɗe asalinsa in tsayar a firam ɗaya in duba. Tsayayyen firam guda ba ya gagarar tsohuwar kwamfuta, gudu ne ke gagarar ta. Haka ma tacewar da ke aiki da ƙananan ɗigo, irin ta ƙara kaifin hoto ko rage dusar da duhu ke jawowa: abin da ka gani a ƙaramin kwafi ba shi ne zai fito ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a fitar da daƙiƙa 20 na wurin a cikakken girma a kalla a waya.

Ranar fitarwa nauyin yakan dawo gaba ɗaya, domin manhajar ta ajiye furoksi ta koma kan asali. A nan ne giga 4 ke iya kasawa da gaske. Abu biyu nakan duba a `Export > Advanced`. Na farko `Use preview scaling` ya kasance a kashe, in ba haka ba fim ɗin zai fito a ƙaramin girman da na yi aiki da shi. Wannan zaɓi na gwaji ne kawai. Na biyu `Parallel processing` shi ma a kashe, domin yana sa a riƙe firam da yawa a ram lokaci guda, saurin da yake ƙarawa kuma bai kai haɗarin aiki ya mutu a kashi 80 cikin 100 ba. Na sake kunna kwamfutar don ram ta zama wasai, ban buɗe komai ba sai Shotcut, na kuma raba fim ɗin gida biyu na minti goma-goma, domin fitarwar da wuta ta katse daga farko ake sake ta. Rabin da ya fi yawan hoton 4K shi ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Da za a ba ni kuɗi kaɗan a ce in taɓa na'urar, faifan SSD zan fara sa mata, sannan ƙarin ram zuwa giga 8, wanda yawancin laftof na wancan zamani suna karɓa. Ko ɗaya daga cikinsu ba zai koya wa furosesar 2012 warware HEVC ba, don haka furoksi na nan daram. Gyaran da ya fi arha yana hannun masu ɗauka. Samarin da za su riƙe wayoyi a biki mai zuwa na riga na zauna da su mun shiga saitin kyamarorinsu: 1080p, firam 30, H.264 a inda wayar ta ba da zaɓi, a kashe HDR, a riƙe waya a kwance. Fayilolin kuma da waya ko katin ajiya za su kawo mini su, domin hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi, asalin da za a koma kansa ranar fitarwa ya tafi.